Kunnen Ɗanki Ya Cika Da Jini Bayan Kokawa? Kada Ki Bari Ya Kwana Biyu

'Yar'uwa, idan kina da saurayi a gida mai zuwa dandali, ko mai raɓar 'yan dambe, ina so ki fara duba kunnensa kamar yadda kike duba idonsa idan ya ce kansa na ciwo. Ba ramin da ake ji da shi nake nufi ba. Wannan faifan na waje nake nufi, mai lanƙwashe-lanƙwashe, wanda kike kamawa ki murɗa idan ya yi miki rashin ji.

Mu nan Hunkuyi, da zarar an kawar da amfanin gona, an shiga saran rake, iskar hunturu ta fara kaɗawa, to yara sun samu sarari. Daga nan har Kudan da Maƙarfi da ƙauyukan Ikara, duk inda aka buga kalangu da yamma sai kin ga samari sun yi da'ira. Manya su yi damben gaske da kara a hannu, ƙanana su koma gefe su kama kokawa. Kuma na san kin taɓa ganin tsohon ɗan dambe ko ɗan kokawa a kasuwa, kunnensa ɗaya ya dunƙule, ya yi tudu-tudu kamar an gasa ganda, lanƙwasar nan duk ta ɓace. Wasu su ce asiri ne ya ci, wasu su ce haka aka haife shi. Turawa kuwa da wani kayan lambu mai kama da farin kabeji suke kwatanta shi, saboda yadda yake curewa. Gaskiyar maganar ita ce, wannan kunnen da ɗan kumburi ya fara, kumburin da likita zai iya gyarawa a cikin rabin awa, da an kai masa shi a kan lokaci.

Ki kama saman kunnenki yanzu ki lanƙwasa. Abin nan mai ɗan tauri da kika ji ya lanƙwasu ya koma, guringuntsi ne, irin wanda muke gurgura a jikin nama. Shi ne ya ba kunne siffarsa. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, guringuntsin kunne ba shi da hanyoyin jini nasa na kansa. Akwai wani siririn tantani da ya manne masa gaba da baya, a ƙarƙashin fata, kuma daga jikin wannan tantanin yake tsotsar abincinsa. Muddin suna manne da juna, lafiya lau.

To idan aka kai wa kunne naushi ya goge shi, ko aka murje shi da ƙarfi, sai tantanin ya ɗaye daga jikin guringuntsin, ƙananan jijiyoyin jini su tsinke, jini ya zuba a tsakaninsu. Fata ba ta fashe ba, don haka jinin ba shi da mafita. Sai ya taru ya yi jaka, ya raba guringuntsi da mai ciyar da shi. Daga wannan lokacin guringuntsin yunwa yake ji. Idan aka bar shi, wani sashe nasa ya mutu, jinin ya daskare, jiki kuma ya shiga gina sabon guringuntsi da tabo barkatai a cikin gudan jinin. Wannan ginin yakan kama ne daga kamar kwana 7 zuwa 10. Abin da ya ginu kuwa ya ginu, ba ya narkewa da man shafawa ko da addu'ar kaka.

Mutane sun fi zargin dambe, kuma da dalili. Hannun da aka naɗe da ƙyalle aka bi shi da kara ba hannu ba ne kuma, gungume ne mai kaushi, idan ya sauka a gefen kai yakan ja fatar kunne ya wuce. Amma a ganina kokawa ta fi cin kunnen yaranmu, don ita ba a ɗaukarta a bakin komai. Ki lura da yadda suke riƙo: kowa ya sunkuya, kai ya haɗu da kai, kunne na gugar kunne ko kafaɗa, wani ya shaƙo wuya ya matse kan abokinsa a hammata, shi kuma ya fizge da ƙarfi don ya kuɓuta. Wannan fizgewar ce take ɗaye tantanin. Ba a yi naushi ba, ba a ga jini ba, kowa ya kakkaɓe ƙura ya tafi gida.

Yaya za ki bambance shi da kumburin da kowane bugu kan kawo? Kunnen da ya sha mari kawai yakan yi ja, ya yi zafi, ya ɗan yi kauri, amma lanƙwasarsa tana nan, kina ganin kwarin da tudun. Wanda jini ya taru a ciki kuwa, za ki ga wuri guda ya tashi sumul, galibi a gaban kunnen ta sama, ya cike kwarin nan har ya shafe shi. Idan kika ɗan danna a hankali za ki ji shi luɓus, kamar ledar da aka ɗura wa ruwa. Launinsa kan yi duhu ko ja-ja, amma a baƙar fata irin tamu kada ki dogara da launi, yatsanki ya fi idonki gaskiya. Hanya mafi sauƙi ita ce ki tsayar da shi a haske ki kwatanta kunnuwan biyu. Can ƙasa inda ake huda wa 'yan mata ba ya cikin lissafi, shi tsoka ce zalla, babu guringuntsi.

Bari in ba ki labarin ɗana na biyu, don ki ga yadda abin yake tafiya daki-daki. Shekararsa 16 lokacin. Ranar wata Juma'a da daddare suka yi kokawa a bayan unguwa. Washegari da safe ya fito karyawa da hular sanyi, ya ja ta har ta rufe kunnuwa, kuma na lura da gefe ɗaya yake juyo mini. Uwa ba ta bukatar a gaya mata. Na ce, "Cire hular nan." Ya ce, "Umma, sanyi nake ji." Na ce, "Cire, in ka gama jin sanyin ka mayar." Saman kunnensa na hagu ya tashi kamar an tura masa ƙwallon dabino a ƙarƙashin fata.

Surukata tana zaune a tabarma, ta miƙa hannu ta taɓa. Ta ce, "Mataccen jini ne. A kira wanzami ya sa masa ƙaho ya zuƙe, ko ki gasa masa da ruwan zafi ki shafa man zafi, kwana biyu ya saɓe." Na ce, "Inna, gaskiyarki, jini ne kuma sai an fitar. Amma na kunne daban yake, a bar mu mu je asibiti tukuna." Kuma har ga Allah rabin maganarta daidai ne. Tsofaffinmu sun gane cewa jinin ne matsalar. Inda aka rabu shi ne wa zai fitar, da me, da kuma abin da za a yi bayan an fitar.

Kafin mu fita na naɗe ƙanƙara a tsumma mai tsabta na ɗora masa kamar minti 15, na ba shi farasitamol. Iyakar abin da ya kamata a yi a gida ke nan. Sanyi yana rage zubar jinin da raɗaɗi, amma ba ya kwashe wanda ya riga ya taru. Ruwan zafi da murza kuwa buɗe jijiyoyin suke yi, jakar ta ƙara cika. Haka asfirin da ibufurofen da diklofenak, waɗanda samari ke saya a kemis da sunan maganin ciwon jiki, suna iya sa jini ya ƙi tsayawa da wuri. A ajiye su sai likita ya ce.

Likitan da ya duba shi bai fara da kumburin ba. Sai da ya tambaye shi ko ya suma, ko ya yi amai, ko yana ganin jiri, sannan ya haska cikin ramin kunnen ya duba dodon kunne. Daga nan ya auna kumburin, ya ce bai kai santimita 2 ba, kuma tunda bai yi kwana biyu ba jinin bai gama daskarewa ba, allura za ta iya jawo shi. Ya ce da ya fi haka girma, ko da mun bari ya wuce kwana biyu, sai dai a ɗan tsaga fatar a bin lanƙwasar kunnen, inda tabo ba zai fito fili ba, a kwashe gudajin a wanke wurin. Da kuma ya haura mako, shi kansa ba zai taɓa ba, sai ya tura mu wurin likitocin kunne da hanci da maƙogwaro.

Aka wanke kunnen da maganin kashe ƙwayoyin cuta, aka yi masa allurar kashe zafi a kewayen gindin kunnen, aka jira ya mutu. Sai ya soka allura mai ɗan kauri a inda ya fi tudu, ya ja, yana matsa jakar da yatsa. Abin da ya fito baƙin jini ne, bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Na tsaya ina kallon sirinjin ina mamaki, wai wannan ɗan abin ne zai nakasa kunnen mutum har ya tsufa. Nan take kwarin kunnen ya dawo.

Ni a zatona an gama. Ashe yanzu aka zo wurin aikin, kuma nan nake so ki buɗe kunne, don a nan ne yawancin kunnuwa suke lalacewa. Jakar da aka zuƙe ba ta rufe ba, fanko ce kawai. Tantanin bai koma ya manne ba. Idan aka sake shi haka, kafin gari ya waye ta sake cika da jini ko da wani ruwa-ruwa. Dole a matse fatar a jikin guringuntsin, gaba da baya, a riƙe ta a haka kwana da kwanaki har su kama juna. Likitan ya naɗe auduga ƙulli biyu kamar guntun alli, ya kwantar da ɗaya a cikin kwarin kunnen, ɗaya a baya, ya bi da zare ya ɗinke su ta cikin kunnen, suka riƙe shi kamar an sa a maƙata. Wasu likitocin ba sa ɗinki, sai su cika lunguna da auduga su naɗe kan da bandeji sosai. Ko wanne aka yi, manufar ɗaya ce. Idan aka zuƙe wa ɗanki jini aka manna masa filasta kawai aka ce ku tafi, ki tambaya cikin ladabi, "Likita, me zai hana shi sake cika?" Tambaya ce da ta dace, kuma mai sanin aikinsa ba zai ji haushi ba.

Aka ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta na mako guda, aka ce mu dawo washegari a duba, kada ruwa ya taɓa wurin, kada ya kwanta ta wannan gefen. Mun koma washegari, babu sabon taruwa. Ranar kwana 7 aka warware zaren. Yau idan ba ni na nuna miki ba, ba za ki ce ga kunnen da aka yi wa aiki ba.

Abokin kokawarsa kuwa, wanda nasa ya tashi bayan mako biyu, wata hanyar aka bi da shi. An kai shi wani shago aka zuƙe da sirinji, ya sabe, kowa ya yi murna. Washegari ya dawo. Aka sake zuƙewa, ya sake dawowa. A karo na uku kunnen ya yi jawur, ya ɗau zafi kamar garwashi, yaron ya kasa barci, zazzaɓi ya rufe shi. Mahaifiyarsa ta zo tana ce mini, "Maman yara, jinin nan ba ya ƙarewa, anya ba jifa ba ne?" Ba jifa ba ne. Ba a matse jakar ba ko sau ɗaya, kuma kowane shigar allura ƙofa ce aka buɗe wa ƙwayoyin cuta. Jinin da ya kwanta abinci ne a wurinsu, guringuntsi kuma da yake jini ba ya ratsa shi, magani ba ya isa gare shi da sauƙi. Da mugunya ta taru, cin guringuntsin take yi. Sai da aka kwantar da shi aka tsaga aka wanke. Ya warke, alhamdu lillahi, amma saman kunnen ya shanye ya nannaɗe, kuma haka zai zauna.

Wannan ne dalilin da ya sa nake cewa a bar wanzami da askarsa a wannan wurin. Ba raina sana'ar nake yi ba, su suka yi wa 'ya'yanmu aski ranar suna. Amma ƙaho jan fata yake yi waje, alhali ita wannan fatar so ake a danna ta ciki. Tsaga kuma a kan guringuntsi, da ƙarfen da ba a dafa ba, kasada ce da ba ta da riba.

Ko an yi aikin a asibiti, idonki ya zauna a kan kunnen har a cire zaren. Ciwon da ke raguwa kullum alama ce mai kyau. Ciwon da ke ƙaruwa bayan kwana biyu, ko zugi mai hana barci, ko wari, ko ruwa na tsattsafowa ta cikin audugar, ko zazzaɓi, duk ba a jiran ranar da aka ba ku, a koma a ranar. Haka idan gefen kunnen da ke leƙowa ya yi fari fat ko ya yi baƙi ya yi sanyi, ɗaurin ya yi tsanani ke nan, yana hana jini zagayawa, a je a sassauta. Kuma ki sa ido a kan maganin, don saurayi da ya ji sauƙi kwana uku sai ya watsar da sauran.

Akwai wani abu da ya fi kunnen kansa nauyi. Naushin da ya isa ya tara jini a kunne, a kai ya sauka. Idan yaron ya faɗi ya suma ko da na ɗan lokaci ne, ko yana ta amai, ko barci na fizgarsa ba ya tashi da sauƙi, ko maganarsa ta rikice, ko jini ko wani farin ruwa na fitowa daga cikin ramin kunnen, ko bayan kunnen ya yi baƙin tabo a kan ƙashi, to maganar ta wuce ta faifan kunne. Wannan asibiti ne a daren, ba sai da safe ba. Kada a ɗiga komai a ramin, ba man zaitun, ba miski, ba ruwan albasa. Idan kuma ya ce yana jin ƙara ko jinsa ya ragu bayan mari, mai yiwuwa dodon kunne ne ya fashe, shi ma a kiyaye shi daga ruwa a kai shi a duba.

Na san abin da ke zuciyarki: kuɗin mota, kuɗin kati, layi, ga maigida zai ce kumburin kunne ne kawai za a tafi asibiti? Ki gaya masa lissafin yadda yake. A kwana biyun farko aiki ne ƙarami, allura da auduga da zare, wanda likita a asibitin gwamnati na nan Hunkuyi ko Maƙarfi ko Ikara zai duba ya yi, ko ya tura ku gaba. Mu kuma Allah ya yi mana gata, Zariya na kusa, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashen kunne da hanci da maƙogwaro, a Kaduna kuma akwai cibiyar kula da lafiyar kunne ta ƙasa. Amma bayan kunnen ya sandare, gyaransa tiyata ce sosai, a buɗe fata a sassaƙe guringuntsin da ya cure, wani lokaci har sai an ɗebo wani daga haƙarƙari, kuma duk da haka ba lalle ya koma yadda Allah ya halicce shi ba. Ba kyan gani kaɗai ake asara ba. Idan curin ya gangaro bakin ramin yakan ƙuntata shi, dauɗar kunne ta riƙa taruwa, ji ya ragu, ko abin sauraron waya ya ƙi zama.

Babban abokin gabarki a wannan lamari shi ne shirun yaron. Ya san kin hana shi zuwa dandali, don haka zai ɓoye. Wasu ma so suke kunnen ya cure, wai alamar namiji ce, a gan su a san sun sha gwagwarmaya. Su suna jin yadda makaɗa irin su Ɗan Anace suka ɗaukaka Shago, suna kallon 'yan kokawar Nijar a waya suna neman takobi, jininsu na tafasa. Ni dai abin da na gaya wa nawa shi ne, faɗan zuwa kokawa daban, maganar ciwo daban. Duk wanda ya kawo mini ciwo a daren da ya same shi, ba zan yi masa faɗa ba sai ya warke. Na fi son ya shigo da ƙura a ka ya ce "Umma, taɓa nan ki ji," da in gano bayan kwana biyar a ƙarƙashin hula.

Wani ɗan tsokaci kuma, tunda mu iyaye ne. Irin wannan taruwar jinin ba a fagen wasa kaɗai ake samunta ba. Murɗe kunne da ƙarfi, da ɗaga yaro da kunnensa, da mari mai nauyi, duk suna iya ɗaye tantanin nan, a gida ne ko a makaranta. Idan kika ga irin wannan kumburin a kunnen ƙaramin yaron da bai isa kokawa ba, balle jariri, to ki kai shi asibiti, sannan ki binciki hannun da yake yini.

Bayan an cire zare, saurayi zai fara tambayar yaushe zai koma. Likitanmu ya ce a ba shi aƙalla mako biyu babu kokawa, babu ƙwallo, babu duk wasan da za a taɓa kunnen, kuma ko bayan nan wurin ya fi saurin sake ɗayewa fiye da wanda bai taɓa ciwo ba. 'Yan kokawar makarantu a wasu ƙasashe suna sa wata hular da ke rufe kunnuwa, kuma tana rage wannan matsalar ƙwarai. A dandalinmu babu mai sa ta, yaron da ya sa ma dariya za a yi masa. Abin da ya rage a hannunki shi ne dubawa. Duk daren da ya dawo daga wasa, ki haska fitilar wayarki, ki kama kunnuwan biyu ki bi kwarinsu da yatsa, sannan ki sake dubawa da safe, don wani jinin a hankali yake taruwa cikin dare. Idan ya sake cika, ko da kaɗan ne, lissafin kwana biyun nan ya fara daga farko.